Gona ɗaya, haraji uku: yadda ake raba ribar haɗin gwiwa a Abuja da abin da kowa zai biya

A Kuje da Gwagwalada da Bwari, akwai gonakin kaji da tafkunan kifi masu yawa waɗanda ba na mutum ɗaya ba ne. Sau da yawa ma'aikacin gwamnati ne ya kawo wani ɓangare na jarin, 'yar kasuwa ta kawo wani, sannan aka sami matashi mai ilimin kiwo ya tare a gonar yana kula da ita dare da rana. Lokacin zuba kuɗi kowa fuskarsa a sake take. Gardama tana tasowa ne a ƙarshen shekara, sa'ad da akanta ya ajiye takarda a kan tebur, aka tarar cewa kalmar "riba" tana da ma'ana dabam a zuciyar kowane ɗaya daga cikinsu.

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2026, lissafin ya ƙara nauyi. A ranar ce sabuwar Dokar Haraji ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ta fara aiki, ta zo da sababbin matakan harajin ɗaiɗaikun mutane. Ƙa'idar da ta shafi haɗin gwiwa kuwa tsohuwa ce: kasuwancin da aka yi wa rajistar suna kawai, ba a mayar da shi kamfani ba, ba ya biyan harajin kuɗin shiga da sunansa. Ana lissafa ribarsa gaba ɗaya, a raba ta tsakanin masu shi, sannan kowa ya biya harajin rabonsa gwargwadon halin da yake ciki. Don haka mutane uku za su iya cin riba daga kaji iri ɗaya, amma kowa ya biya kaso dabam, wani lokaci ma ga hukuma dabam.

Albashin da ba albashi ba

Tushen ruɗanin yana cikin kalmomi biyu da ake rubutawa a yarjejeniya: albashin abokin haɗin gwiwa, da ribar jari, wato abin da akantoci ke kira kuɗin ruwa a kan jari. Idan gona ta biya leburan da ke share ɗakin kaji, wannan kuɗin da aka kashe ne, ana cire shi kafin a san riba. Amma idan ɗaya daga cikin masu gonar ya karɓi kuɗi duk wata saboda shi ne ke gudanar da ita, doka ba ta ɗaukarsa a matsayin ɗan ƙwadago, domin mutum ba ya ɗaukar kansa aiki. Abin da ya karɓa wani yanki ne na ribar da aka ware masa tun kafin a raba saura, saboda guminsa. Haka ita ma ribar jari: yanki ne da ake warewa don a saka wa wanda ya zuba kuɗi fiye da sauran.

Saboda haka duk abin da abokin haɗin gwiwa ya samu, da albashinsa, da ribar jarinsa, da kasonsa na abin da ya rage, jami'in haraji yana tara su wuri guda ya ɗauke su a matsayin kuɗin shigarsa daga kasuwancin. Ƙara wa wani albashi ba ya rage jimillar ribar da za a biya wa haraji ko da kwabo ɗaya. Abin da yake yi kawai shi ne ɗauke riba daga aljihun wani zuwa na wani.

Idan babu wata yarjejeniya a tsakani, doka tana da nata hukuncin. Dokar haɗin gwiwa ta Ingila ta 1890, wadda Najeriya ta gada kuma dokokin jihohi suka bi sahunta, ta tanadi cewa a raba riba daidai wa daida, babu albashi ga kowa, babu kuma ribar jari. Wanda ya zuba miliyan 30 da wanda ya zuba miliyan 10 kai ɗaya suke. Wanda ya kwana a gona da wanda bai taɓa taka ta ba su ma haka. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a rubuta komai tun ran gini.

Gonar mutum uku

A ɗauki misalin wata gonar kajin ƙwai a Kuje mai mutum uku. Na farko ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, yana zaune a Kubwa, ya zuba naira miliyan 20, ba ya kuma karɓar albashi daga gonar. Ta biyu Hajiya ce 'yar kasuwa mazauniyar Suleja, ta zuba miliyan 30, ita ce ke nemo masu sayen ƙwai, ana ba ta naira 100,000 a wata. Na uku shi ne manajan gonar, ya zuba miliyan 10, albashinsa naira 300,000 a wata. Yarjejeniyarsu ta ce a ba kowa kashi 10 cikin ɗari na jarinsa duk shekara, abin da ya rage kuma a kasa shi biyar: ma'aikacin ya ɗauki biyu, Hajiya biyu, manaja ɗaya.

A ƙarshen shekara littafin gonar ya nuna ribar naira miliyan 9. Wannan adadi ne ake yawan kai wa ofishin haraji, kuma a nan kuskure na farko yake, domin akanta ya riga ya cire wasu abubuwa da dole a mayar da su.

Na farko, albashin manaja da na Hajiya, wanda ya kama miliyan 4.8 a shekara. Na biyu, ribar jarin mutum ukun, miliyan 6. Na uku, naira miliyan 2.5 da akanta ya cire a matsayin tsufan kayan aiki, wato raguwar darajar keji da janareto da motar rarraba ƙwai. Wannan ƙiyasi ne na akanta, kuma hukumar haraji ba ta aiki da shi. A madadinsa doka tana ba da nata rangwamen kayan aiki bisa ma'aunin da ta tsara. A ɗauka cewa a wannan shekara ya kama miliyan 1.5. Idan aka mayar da abubuwa ukun nan kan miliyan 9, aka cire rangwamen, ribar da haraji zai hau kanta ta zama naira miliyan 20.8. Ta ninka abin da littafi ya nuna har da ɗoriya.

Daga nan sai rabo, kuma yana bin jeri. Ana fara fitar da albashi, sannan ribar jari, waɗanda suka haɗu suka kai miliyan 10.8. Saura miliyan 10 ke nan, wadda za a kasa biyar, kowane kaso miliyan 2. Ma'aikacin ya sami miliyan 2 na jarinsa da miliyan 4 na saura, jimilla miliyan 6. Hajiya ta sami miliyan 1.2 na albashi, da miliyan 3 na jari, da miliyan 4 na saura, jimilla miliyan 8.2. Manaja ya sami miliyan 3.6 na albashi, da miliyan 1 na jari, da miliyan 2 na saura, jimilla miliyan 6.6. Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko lissafin ya tafi daidai: a haɗa rabon mutum ukun. Idan bai dawo miliyan 20.8 cif ba, an tsallake wani abu ko an ƙirga shi sau biyu.

Abin lura a nan shi ne, manajan da ya fi kowa ƙarancin jari, kuma kasonsa na saura ya fi na kowa ƙanƙanta, ya fi ma'aikacin da ya ninka shi jari samu. Wanda ya tsaya ga "biyu, biyu, ɗaya" kawai bai karanta yarjejeniyar da ya sa wa hannu ba.

Matakan haraji, da inda kowa ya tsaya

Sabuwar dokar ta jera kuɗin shigar mutum na shekara hawa-hawa. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye, wato har zuwa miliyan 3, ana biyan kashi 15 cikin ɗari, wanda ya kama naira 330,000. Daga miliyan 3 zuwa miliyan 12 kashi 18 ne. Daga miliyan 12 zuwa miliyan 25 kashi 21 ne, daga nan zuwa miliyan 50 kashi 23, abin da ya haura haka kuma kashi 25. Kowane kaso yana hawa ne kan kuɗin da ya faɗa cikin matakinsa kaɗai, ba kan dukan kuɗin mutum ba.

Dokar ta kuma soke babban rangwamen bai ɗaya da kowa ke samu a tsohon tsari. A gurbinsa ta kawo rangwamen kuɗin haya: kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan da mutum ya biya a shekara, amma kada ya wuce naira 500,000. Ana ci gaba da cire kuɗin fansho da na asusun gidaje na ƙasa da na inshorar lafiya kafin a yi lissafi.

Manaja ne ya fi sauƙin lissafi, domin gonar ce kaɗai hanyar samunsa. Yana biyan hayar naira miliyan 1.5 a Kuje, don haka rangwamensa naira 300,000 ne, kuɗin da za a yi wa haraji ya koma miliyan 6.3. Miliyan 3 na farko sun jawo naira 330,000. Sauran miliyan 3.3 a kan kashi 18 sun jawo naira 594,000. Harajinsa naira 924,000 ne, wato kashi 14 cikin ɗari na rabonsa.

Hajiya a gidanta na kanta take zaune, saboda haka ba ta da rangwamen haya. A ɗauka kuma cewa a wannan shekara ba ta da wata riba ta daban. Bayan naira 330,000 na matakin farko, sauran miliyan 5.2 a kan kashi 18 sun kawo naira 936,000. Harajinta naira 1,266,000 ne, kashi 15 cikin ɗari da 'yan kai.

Na ma'aikacin ne ke buƙatar natsuwa, domin rabonsa na gona ba daga ƙasan tsani yake farawa ba. A ce albashinsa na gwamnati naira miliyan 9 ne a shekara, ana cire masa naira 900,000 na fansho da asusun gidaje da inshorar lafiya. Hayarsa a Kubwa miliyan 3 ce. Kashi 20 nata ya kai naira 600,000, amma doka ta tsayar da shi a 500,000. Albashin da ake yi wa haraji ya zama miliyan 7.6, harajin da ake cire masa tun daga tushe kuma naira 1,158,000 ne a shekara. Wannan albashi ya riga ya cinye matakin da babu haraji, ya cinye na kashi 15, ya kuma shiga cikin na kashi 18.

Idan aka ɗora miliyan 6 na gona a kai, kuɗin shigarsa ya kai miliyan 13.6. Miliyan 4.4 daga ciki sun cike abin da ya rage na matakin kashi 18, suka jawo naira 792,000. Sauran miliyan 1.6 sun tsallaka zuwa matakin kashi 21, suka jawo naira 336,000. Ƙarin harajin da ke kansa saboda gonar naira 1,128,000 ne, kusan kashi 19 cikin ɗari na rabonsa. Shi ne ya sami mafi ƙarancin rabo a cikin su ukun, shi ne kuma ya biya kaso mafi tsada.

Kuskuren da ma'aikata suka fi yi shi ne lissafa kuɗin gonar shi kaɗai, kamar ba su da albashi. Da ya yi haka, da ya sami naira 870,000, ya bar giɓin naira 258,000 da zai jira shi ranar da aka binciki takardunsa. Matakin naira 800,000 marar haraji sau ɗaya ake cin moriyarsa a shekara, komai yawan hanyoyin samun mutum. Wani kuskuren da ya fi wannan shi ne zaton cewa tunda ana cire haraji daga albashi, an gama da hukuma. Abin da ofis ke cirewa na albashi ne kaɗai. Bayyana ribar gona da biyan harajinta nauyi ne a wuyan mai ita.

Shekarar da kaji suka mutu

Ainihin ƙarfin albashi da ribar jari yana bayyana ne a shekarar da kasuwa ta ƙi. A ce murar tsuntsaye ta shiga gonar, ko farashin masara da waken suya ya tashi, ribar ta faɗo zuwa miliyan 7.8. Albashi da ribar jari suna nan a miliyan 10.8 kamar yadda aka rubuta. Maimakon saura, sai aka sami giɓin miliyan 3, kuma idan yarjejeniya ta ce a biya su ko ta halin ƙaƙa, wannan giɓi shi ma kashi biyar za a kasa shi. Ma'aikacin da Hajiya kowa zai ɗauki miliyan 1.2, manaja ya ɗauki naira 600,000.

Sakamakon shi ne ma'aikacin ya tashi da naira 800,000 kacal, Hajiya da miliyan 3, manaja da miliyan 4. A shekarar albarka manaja bai kai ga kashi ɗaya cikin uku na ribar ba. A shekarar wahala ya ɗauki fiye da rabi. Ma'aikacin kuwa ya sauko daga kusan kashi 29 cikin ɗari zuwa kashi 10. Babu wanda ya cuci wani, haka takardar ta ce. Amma wanda ba shi da albashi a haɗin gwiwa ya kamata ya san cewa shi ne garkuwar masu albashi idan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Wasu yarjejeniyoyi suna magance wannan da sharaɗin cewa idan riba ba ta kai ba, a rage albashi da ribar jari daidai gwargwado, kada a biya fiye da abin da aka samu.

A nan ne kuma masu jari Musulmi da dama ke tsayawa. A ƙa'idar musharaka ta fiƙihu, ana raba riba ne bisa kason da aka amince da shi, asara kuma tana bin gwargwadon jari, ba a kuma lamunce wa wani abokin tarayya tsayayyen adadi. Waɗanda suke son kauce wa ribar jari sukan ƙara wa mai babban jari kasonsa na riba a maimakonta. Ga jami'in haraji duk ɗaya ne, domin jimillar abin da ya isa ga kowane mutum yake dubawa, ba sunan da aka raɗa masa ba.

Ribar da ba a taɓa ba

Haraji yana bin rabon da ya zama haƙƙin mutum ne, ba kuɗin da ya cira daga asusu ba. Idan mutum ukun suka amince a bar ribar bana a gina sabon ɗakin kaji, ma'aikacin zai biya naira 1,128,000 duk da cewa ko sisi bai shiga aljihunsa ba, kuma daga albashinsa zai nemo su. Jimillar harajin da ribar gonar ta jawo wa su ukun naira 3,318,000 ce. Yarjejeniya mai hangen nesa takan tanadi cewa kafin a mayar da riba cikin kasuwanci, a fara sakar wa kowa abin da zai biya harajinsa.

Hukumar da za a biya ita ma ba ta bin inda gonar take. Harajin mutum na wurin da yake zaune ne. Ma'aikacin na Kubwa da manajan na Kuje za su biya Hukumar Tara Haraji ta Babban Birnin Tarayya, wadda dokar 2015 ta kafa. Hajiya kuwa, da yake Suleja a Jihar Neja take, hukumar harajin Neja ce ke da haƙƙi a kanta, kamar yadda mazaunin Mararaba ko Masaka zai biya Jihar Nasarawa ko da kullum a Abuja yake wuni. Sojoji da 'yan sanda da jami'an diflomasiyya kuma harajinsu na hannun hukumar tarayya ne. Da yake lissafin gona ɗaya zai je ofisoshi biyu, dole adadin da kowa ya gabatar ya dace da na sauran, kuma kwafin yarjejeniyar ya kasance a hannun hukuma, domin da shi take tabbatar da rabon da kowa ya bayyana. Ranar 31 ga Maris ita ce wa'adin gabatar da bayanin kuɗin shiga na shekara, kuma dokar gudanar da haraji ta 2025 ta sanya tarar naira 100,000 a watan farko na jinkiri, da 50,000 a kowane wata bayansa.

Abin da layin albashi ke faɗa game da ma'aikaci

Akwai dalilin da ya sa ma'aikacin da ke cikin wannan misali ba ya karɓar albashi, kuma ya wuce batun haraji. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga harkar gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, amma ya keɓe noma. Kotun Ƙoli, a shari'ar Nwankwo da Nwankwo ta 1995, ta bambanta mallakar kaso a kasuwanci da gudanar da shi. Gonar kaji tana da wannan sassauci na noma. Amma da a ce mutum ukun shagon kayan gini suka buɗe a Dei-Dei, ko wurin buga takardu a Garki, to layin da ke cewa "albashi" a gaban sunan ma'aikacin zai iya zama shaida a kansa, domin ba a biyan albashi sai ga wanda ke aiki. Kasonsa na jarin kuma kadara ce da ya wajaba ta bayyana a takardar da yake cike wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata.

Takarda ɗaya ce, ke nan, take amsa tambayoyi uku: nawa kowa zai samu, nawa zai biya, da kuma ko ma'aikacin ya tsaya cikin iyakar da aikinsa ya shata masa. Kafin a sa mata hannu, yana da kyau a gwada ta da lissafi biyu, na shekarar albarka da na shekarar asara, kowa ya ga adadin da ke gaban sunansa bayan an cire haraji. Wanda ya ga naira 800,000 a takarda tun kafin a sayi ɗan tsako na farko, ya kuma amince, ba zai zargi kowa ba ranar da ta tabbata.